Layin da ke riƙe da WhatsApp ɗinka: yadda mazaunin Saudiyya zai kulle wayarsa da shafukansa

Wata baiwar Allah da muke unguwa ɗaya a Makka, wajen Sharar Mansur, sana'arta sayen abaya da turare tana aikawa Kano. Kasuwancin nan gaba ɗaya a WhatsApp yake: hotunan kaya, lissafin bashi, masu jiran saƙo. Wata ranar Talata bayan la'asar wani ya kira ta da Hausa tsantsa, ya yi sallama, ya ambaci sunan ƙungiyar 'yan garinsu da take ciki, ya ce: "Hajiya, an shirya taron ƙungiya yau da dare ta waya, mun turo miki lambar shiga, karanto min ita in sa sunanki." Saƙo kuwa ya shigo, lamba shida. Ta karanta masa. Kafin a kira magariba WhatsApp ya fitar da ita, kafin isha'i kuma wata ƙawarta ta tura riyal 600 ga wanda take zaton Hajiya ce ta shiga matsala.

Ba wayarta aka sace ba, ba kuma wani gwanin kwamfuta ne ya fasa komai ba. WhatsApp bai san fuskar kowa ba, lambar waya ya sani. Duk wanda ya rubuta lambarka a sabuwar waya, sai a tura lamba shida zuwa layinka, wanda ya shigar da ita shi ne mai asusu. Haka Facebook da Gmail da TikTok suke idan aka danna wurin mantuwar kalmar sirri: layi ko imel suke turawa. Saboda haka aikin da zan bayyana daga layi yake farawa, kuma jerin yana da dalili. Kada ka fara da na huɗu ka bar na ɗaya. Ka ware kamar awa guda, ka tanadi biro da takarda.

Na farko: wane layi ne, a hannun wa yake, da sunan wa

Mu mazauna nan matsalarmu ta bambanta da ta wanda ke zaune a gida, domin yawancinmu layi biyu gare mu. Akwai na gida mai farawa da +234 ko +227, wanda aka buɗe WhatsApp da Facebook da shi tun kafin a taso, akwai kuma na nan mai +966. Ka rubuta sunan kowane asusu a takarda, a gabansa ka rubuta lambar da aka buɗe shi da ita. Za ka yi mamakin abin da za ka gani.

Sai ka yi wa kowace lamba tambaya uku. Sim ɗin yana hannunka? Yana aiki? Da sunanka aka yi masa rajista?

Layin gida da aka jefa cikin akwati shi ne babban rami. Idan ya yi watanni ba a kira, ba a sa masa kuɗi, kamfani yana da ikon rufe shi ya sayar wa wani. Ranar da sabon mai layin ya sauke WhatsApp, kai za a fitar, kuma bai yi laifin komai ba. Idan kana son ci gaba da layin gida, ka sa shi a ƙaramar waya, ka tabbatar yana karɓar saƙo a nan, ka riƙa sa masa kati kana amfani da shi jefi-jefi. Barin sa a hannun ƙani a Kano yana raya layin, amma ka sani ƙanin nan shi ne mai gadin asusunka, kuma shi ma ana iya kiran sa a yaudare shi. Ka faɗa masa ƙarara: kowace lamba ta shigo, ba ya karanta wa kowa sai kai, kai ɗin ma da muryarka.

Layin Saudiyya kuwa, ko na stc ne ko Mobily ko Zain, da iƙama ko fasfo ake yanka shi. Nan ne da yawa daga 'yan'uwanmu suke da rauni, don layin da suke riƙe da shi da sunan kafili yake, ko maigida, ko wani da ya taimaka. Ba na zargin kowa, na san yanayin da ke kai mutum ga haka. Amma gaskiyar ita ce wanda sunansa ke kan layi yana iya zuwa ofishin kamfani ya karɓi sabon sim mai wannan lambar, naka ya mutu nan take, kai kuma idan naka ya ɓace ba za a ba ka madadinsa ba sai da shi. Layin da aka yanka da bizar Umara ko ziyara shi ma ba na dindindin ba ne. Idan kana da iƙama, ka je a mayar da layin sunanka. Idan hakan ba zai yiwu ba, to matakan da ke tafe a kanka sun zama dole, musamman lambar sirrin WhatsApp da lambobin ajiya, domin su ne ba su dogara da layi ba.

Ga mai shirin komawa gida baki ɗaya: kafin ka hau jirgi, layin nan yana raye, ka mayar da kowane asusu kan lambar da za ka ci gaba da riƙewa. A WhatsApp hanyar ita ce Settings, Account, Change number. Yana kwashe ƙungiyoyinka zuwa sabuwar lambar, amma sai sabon layin yana iya karɓar saƙo a lokacin.

Na biyu: kulle sim da allon waya

Wayar da ta faɗi a cunkoson Harami, ko aka zare daga aljihu a kasuwar Bab Sharif a Jidda, ba lallai ne a iya buɗe ta ba. Amma cire sim a sa a wata waya aikin minti ɗaya ne, daga nan duk lambobin tabbatarwa wurin wanda ya tsinta za su je. Maganin wannan shi ne lambar kulle sim. A iPhone tana Settings, Cellular, SIM PIN. A Android wurinta ya danganta da irin wayar, mafi sauƙi ka buɗe Settings ka rubuta SIM lock a wurin bincike.

A nan a yi hattara. Wayar za ta fara tambayar lambar da sim ɗin ya zo da ita daga kamfani. Idan ka yi kuskure sau uku sim zai kulle, ya nemi wata lamba mai suna PUK, mai lambobi takwas, wadda ke rubuce a jikin babban katin da aka ɓallo sim daga ciki. Ita ma idan aka yi kuskurenta sau goma, sim ya mutu har abada. Don haka kar ka yi ta cinke. Ka nemo katin ko ka tambayi kamfanin kafin ka fara. Idan kuma layin ba da sunanka yake ba, kuma ba ka da katin, ka yi gwaji ɗaya kawai, in bai shiga ba ka haƙura.

Allon waya a sa masa lamba shida aƙalla, ba shekarar haihuwa ba, ba ƙarshen lambar waya ba. Zanen da ake ja da yatsa na kusa da kai a mota yana iya haddace shi da kallo ɗaya. Sannan abin da mutane ke mantawa: saƙo yana bayyana a allo ko waya na kulle. Wanda ya ɗauki wayarka kana sallah zai iya karanta lamba shida ba tare da ya buɗe ta ba. A iPhone ka je Settings, Notifications, Show Previews, ka zaɓi When Unlocked. A Android ka nemi saitin sanarwar allon kulle ka ɓoye abin da ke cikin saƙo.

Kafin ka bar wannan mataki, danna wannan a wurin kira, ka rubuta lambar IMEI da za ta fito. Da ita ake gane wayar idan ka kai rahoto.

```
*#06#
```

Na uku: Gmail, uwar sauran

Mutane da yawa ba su ma san suna da Gmail ba. Mai shagon da ya sayar musu da waya ne ya buɗe, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, wani lokaci har da lambarsa a matsayin lambar dawo da asusu. Alhali a cikin Gmail ɗin nan lambobin mutanenka suke, da hotuna, da ajiyar hirarrakin WhatsApp idan Android ce, kuma nan Facebook zai turo saƙon sauya kalmar sirri.

Ka buɗe myaccount.google.com, ka shiga sashen Security. Fara da kalmar sirri. Tsawo ya fi wuyar rubutu amfani. Ka ɗauki kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, ka haɗa su da lamba a tsakani, misali irin "tulu7gajimare-barkono-sirdi". Wannan misali ne, kar ka ɗauke shi. Ban da sunan ɗa, ban da sunan gari, ban da lambar iƙama, ban da karin magana ko addu'ar da kowa ya sani. Sharaɗin da ya fi duka shi ne kada wannan kalma ta shiga wani wuri dabam. Dalili kuwa, idan aka sace bayanan wani ƙaramin shafi da ka taɓa yin rajista, ɓarayin sukan ɗauki imel da kalmar sirrin su gwada a Gmail da Facebook. Mai kalma ɗaya a ko'ina da mabuɗi ɗaya ya kulle ɗakunansa duka. Ta Gmail ita ce za ka haddace, sauran ka bar wa Google Password Manager da ke cikin wayar ya ƙirƙira ya adana.

Sai ka duba Recovery phone da Recovery email. Lambar da ba ka gane ba, cire ta. Lambar da ta mutu, sauya ta. A wurin imel na biyu ka sa wanda kake iya buɗewa da gaske, ko na matarka ko mijinki idan akwai wannan amana.

Yanzu ka kunna 2-Step Verification, wato tabbatarwa mai hawa biyu: ko wani ya san kalmar sirri, sai ya kawo shaida ta biyu. Shaidar tana iya zama saƙon tes, kuma ya fi babu nesa ba kusa ba. Amma ga wanda ke tsakanin ƙasa biyu, ko layinsa ba da sunansa yake ba, ni na fi ba da shawarar manhajar Google Authenticator. Tana fitar da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, ba ta buƙatar sim, ba ta buƙatar intanet, a Madina kake ko a Maraɗi. Abu ɗaya ke rikita ta, agogo. Wasu suna juya agogon waya da hannu ya koma lokacin gida, tunda Saudiyya na gaban Nijeriya da Nijar da awa biyu. Idan ka ga ana ta ƙin karɓar lambar alhali daidai ka rubuta, to mayar da agogon ya riƙa saita kansa.

A shafin nan dai akwai Backup codes, wato lambobin ajiya. Danna, za a ba ka lambobi goma, kowace mai lamba takwas, kowace sau ɗaya take aiki. Ranar da waya ta ɓace da Authenticator a cikinta, su ne ƙofar da ta rage maka. Ka kwafe su da biro. Kar ka ɗauki hotonsu ka bari a wayar, don tare za su tafi.

Na huɗu: lambar da za ta ceci Hajiya

Ka buɗe WhatsApp, Settings, Account, Two-step verification. Idan wayarka da Larabci take, sunan shi ne التحقق بخطوتين. Za ka zaɓi lamba shida ta kanka, ka maimaita, sannan ya nemi imel. Kar ka tsallake imel ɗin, ka sa Gmail da ka gama kullewa yanzu. Idan ka manta lambar, ta nan za a turo maka hanyar sauya ta. Wanda bai sa imel ba sai ya jira kwana bakwai.

A rarrabe lambobin nan biyu, don nan ake rikicewa. Ta farko ita ce wadda ake turowa ta tes lokacin rajista. Ta biyu ita ce wadda ka ƙirƙira da kanka, ba a turo ta ko'ina, tana kanka. Da Hajiya ta kunna wannan, mutumin zai shigar da lambar da ta karanta masa, sai a tambaye shi ta biyu, ya tsaya cak. WhatsApp zai riƙa tambayarka ita lokaci-lokaci a cikin manhajar don kar ka manta, wannan daidai ne. Amma idan mutum ne ya tambaya, ta kira ko ta saƙo, ko da sunan yayanka saƙon ya zo, to ba shi ba ne, asusunsa aka riga aka ƙwace.

Daga nan ka leƙa Linked devices. Ana iya jona WhatsApp ɗinka da wasu na'urori har huɗu, kuma wanda ya jona yana karanta hirarka kai ba a fitar da kai ba, shi ya sa ba a saurin ganewa. Wanda ya karɓi wayarka "zai yi kira" na minti biyu ya isa ya yi wannan. Duk na'urar da ba ka sani ba, danna ta ka zaɓi Log out.

Facebook da Instagram wuri ɗaya suke: Accounts Center, Password and security, Two-factor authentication. Ka zaɓi Authenticator, ka kwafi lambobin ajiyarsu su ma, ka duba jerin wuraren da aka shiga asusun. Telegram da TikTok duk suna da irinsa a sashen tsaro.

Absher da Nafath

Waɗannan manhajojin gwamnatin Saudiyya sun fi WhatsApp nauyi, don sunanka ne a wurin hukuma. Yadda Nafath ke aiki, kai ne kake fara shiga wani shafi, shafin ya nuna maka wata lamba mai lambobi biyu, ka buɗe manhajar ka zaɓi wannan lambar. Idan buƙata ta taso a Nafath alhali ba ka fara komai ba, wani ne yake ƙoƙarin shiga da sunanka, ka ƙi amincewa. Masu kira su ce daga banki suke, ko za a rufe katinka in ba ka sabunta bayanai ba, "ka zaɓi lamba kaza", so suke su buɗe asusu ko su yanki layi da iƙamarka. Ka kashe kiran, ka kira lambar da ke bayan katin bankinka. Saƙon tes na damfara ana tura shi zuwa 330330, ana kuma kai rahoto ta manhajar Kollona Amn. Idan kuma wani ya taɓa buɗe maka Absher a shago, ka sauya kalmar sirrin, ka tabbatar lambar da ke ciki taka ce.

Idan an riga an ƙwace

Mu koma kan Hajiya. Ɗanta ne ya kawo min wayar bayan isha'i, ya ce: "Kawu, Umma ta ce ka duba, ya ƙi shiga." Sa'ar da ta yi, layin nata na gida yana hannunta a ƙaramar waya, yana karɓar saƙo.

Abu na farko, ba mu taɓa WhatsApp ba tukuna. Ta kira mutum biyar da suka fi kusa da ita da layin Saudiyya, aka sa shugabar ƙungiya ta cire lambarta ta kuma sanar kada kowa ya tura kuɗi. Ɓarawon ba ya ganin tsofaffin hirarraki, don suna cikin wayarta ne, amma yana ganin ƙungiyoyin da take ciki da lambobin mutanen cikinsu, da su yake farauta.

Sannan muka buɗe WhatsApp, muka sa lambarta, muka nemi sabuwar lamba shida. Wani lokaci zai ce a jira wasu awanni, saboda an yi ta neman lambar a jere. Kar a yi ta dannawa, ƙara jinkirin yake. A jira lokacin ya cika, in tes bai zo ba a zaɓi a kira ka a karanta maka. Idan kuma an taɓa sa ka danna wasu lambobi masu tauraro a wayarka, mai yiwuwa an karkatar da kiranka zuwa wata lamba. Wannan yana soke karkatarwar:

```
##002#
```

Lambar ta zo, muka shigar. Sai ya nemi lambar sirri ta biyu, wadda ita ba ta taɓa sawa ba. Mutumin ne ya kunna ta bayan ya shiga. Hankalinta ya tashi, amma a nan akwai sauƙi: da zarar an shigar da lambar tes, an fitar da shi daga asusun, ko da kai ba ka samu shiga ba. Abin da ya rage jiran kwana bakwai ne, sannan a shiga ba tare da lambarsa ba. Cikin kwanakin nan kusan kullum sai an kira ta ana neman ta sake karanto lamba, ta daina ɗauka. Kada kuma a ba kowa kuɗi don ya "buɗe" kafin lokacin, babu mai wannan ikon. Rana ta takwas ta shiga, ta dawo da hirarrakinta daga ajiyar Google, muka sa mata lambarta da imel ɗinta. Kuɗin ƙawarta dai ba su dawo ba.

Ga Gmail hanyar dawowa ita ce g.co/recover, ga Facebook kuma facebook.com/hacked. Ka yi daga wayar da ka saba shiga da ita, a wurin da ka saba, don hakan na cikin abin da suke dubawa. Idan wayar ce gaba ɗaya ta ɓace, ka fara sa a dakatar da sim, sannan ka ari waya ka shiga android.com/find ko icloud.com/find ka kulle ta daga nesa. A nan ne za ka buƙaci kalmar sirrin Gmail da ka haddace, ko ta asusun Apple idan iPhone ce, kuma idan ka zo buɗe Gmail a sabuwar waya, ɗaya daga lambobi goman nan.

Takardar da ka rubuta yanzu tana ɗauke da jerin asusu da lambobinsu, da PUK, da IMEI, da lambobin ajiya. Ka ajiye ta inda fasfo yake, ba cikin rigar waya ba, ba cikin jakar da kake fita da ita ba. Mai zama ɗakin haya da mutane da yawa ya sa ta a akwati mai kwaɗo. Idan ka yi amfani da lambobin ajiya har suka kusa ƙarewa, ko ka yi zargin wani ya ga takardar, ka koma shafin ka nemi sababbi, tsofaffin za su daina aiki nan take.